Apple sun mayar da sabon zubin manhajar Alhaji: yaya zan yi masa bayani?

Nura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan rubuta wani saƙo, domin abin da ya tsaya mini yanzu bayani ne, aikin kansa kuwa na san inda zan taɓa. Akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari da na gina wa manhaja bara, kuma tana nan a App Store da Google Play. A zubin farko mai saye yana duba kaya ne kawai, ya zaɓi abin da yake so, ya tura oda ba tare da ya yi rajista ba. A wannan sabon zubin mun ƙara rajista da lambar waya domin kowane kwastoma ya riƙa ganin odojinsa na baya, sannan na gyara wani kuskure da ke sa farashin wasu kaya ya ɓace idan an buɗe babban hotonsu. Na tura wa Apple ranar Litinin, jiya Talata da dare na buɗe App Store Connect na tarar da `Rejected`, an kafa hujja da `Guideline 5.1.1(v)`, wato manhajar tana barin mutum ya buɗe asusu amma ba ta ba shi hanyar goge shi daga ciki.

Alhaji yana jiran manhajar ta fito a wannan makon, domin ya riga ya sanar da 'yan sarinsa, kuma saura mako uku a fara azumi, lokacin da cinikin kayan Sallah yake tashi. Shi mutum ne da ya san kasuwa ciki da waje, amma harkar manhaja ba fanninsa ba ce. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna:

"Alhaji barka da safiya. Apple sun ƙi karɓar manhajarmu saboda wata dokarsu ta goge asusu. Dama sun cika tsanani. Zan gyara in sake turawa, in sha Allahu nan da kwana biyu za ta fito."

Ina jin akwai abin da bai zauna ba a cikinsa, amma na kasa gane ko mene ne.

Auwalu:
Wa alaikumus salam. Ni abin da na sani shi ne idan suka sauke manhaja daga kasuwa, ƙara kake ɗaukakawa, kuma kada ka ɓata lokaci. Wani abokin aikina an taɓa sauke masa tasa, sai da ya shafe makonni yana rubuce-rubuce kafin a mayar da ita. Ka gaya wa Alhaji gaskiya cewa manhajar ba ta kasuwa a yanzu, ya koma karɓar oda ta WhatsApp kafin a warware.

Malama Hadiza:
Malam Auwalu, ina ganin ka karanta tambayar a gurguje. Ba a sauke manhajar Nura ba. Sabon zubin da ya tura ne aka mayar masa, tsohon zubin kuwa yana nan a kasuwa yadda yake, duk wanda ya neme shi zai samu, wanda yake da shi a waya kuma yana ci gaba da tura oda. Na ma ji daɗi da ka yi wannan fahimta, domin kai da kake cikin sana'ar ka ɗauka an sauke ta, to ina ga Alhaji idan ya karanta "sun ƙi karɓar manhajarmu"? Abin da zai fara zuwa ransa shi ne an rufe masa shago. Saboda haka Nura, jimlar farko ta saƙonka bayan gaisuwa ita ce wadda za ta gaya masa abin da bai lalace ba: manhajar tana aiki, kwastomomi suna saye, babu odar da ta ɓace.

Abu na biyu da na gani shi ne "dama sun cika tsanani". Ka cire wannan. Sharaɗin ba sabo ba ne, tun ranar 30 ga Yuni 2022 Apple suka fara aiki da shi a kan duk manhajar da ke barin a buɗe asusu. Dalilin da ya sa bai shafe ka bara ba shi ne zubin farko ba shi da rajista, ranar da ka ƙara ta kuwa sharaɗin ya hau kanka. Idan ka ɗora wa Apple laifi, gobe Alhaji ya tambayi wani ɗansa da ya san harkar, aka gaya masa ƙa'idar ta shekara da shekaru, to ka rasa abin da ya fi kwana uku na jinkiri tsada. Ka ce masa kai tsaye abu ne da ya kamata ka sa tun farko, ba ka sa ba.

Sai kuma alkawarin kwana biyu. Kwanakin aikinka suna hannunka, za ka iya yanke su. Ranar da masu tantancewa za su amsa ba ta hannunka. Apple da kansu suna cewa a matsakaici kashi 90 cikin 100 na abin da aka tura ana duba shi cikin ƙasa da awa 24, kuma kai ma ka ga haka, ka tura Litinin an amsa Talata. Amma dubawa daban, amincewa daban. Mai tantancewa na gaba yana iya ganin wani abin da na farko bai tsaya a kansa ba. Ka raba masa lissafin gida biyu, wanda ka ɗauki alkawarinsa da wanda kake kyautata zato kawai.

Bashir:
Duk abin da Malama ta faɗa a kan rubutun na yarda da shi, sai dai ina ganin ana ƙara wa aikin nauyi. Nura, ka sa madanni guda a shafin saituna da aka rubuta "goge asusuna", idan mutum ya danna sai ya buɗe masa WhatsApp na shagon da saƙon da aka riga aka rubuta, yaron shago ya goge shi da hannu. Aikin awa ɗaya ne. Na san Apple sun yarda a yi gogewar da hannu, kuma sun yarda ta ɗauki kwanaki. Ka tura yau, gobe ta fito, ba sai ka tayar wa Alhaji da hankali da dogon bayani ba.

Malama Hadiza:
Malam Bashir, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne sun yarda gogewar ta zama da hannu kuma ta ɗauki lokaci, muddin an sanar da mutum tsawon lokacin da za ta ɗauka, aka kuma tabbatar masa idan an gama. Inda aka rabu shi ne hanyar fara neman gogewar. A bayanin da suka fitar sun ce manhajar da ba ta cikin harkokin da hukuma ke sa wa ido sosai, irin su banki da kiwon lafiya, bai kamata ta tilasta wa mutum ya buga waya, ko ya aika imel, ko ya bi ta wajen masu kula da kwastomomi kafin a goge masa asusu ba. Tura shi WhatsApp ya roƙi yaron shago shi ne ainihin wannan. Shagon atamfa kuma ba banki ba ne. Abin da suka amince da shi, idan ba a son gina komai a cikin manhajar, shi ne mahaɗi da zai kai mutum kai tsaye shafin intanet inda zai kammala gogewar da kansa, ba shafin farko na kamfani da zai shiga yana lalube ba.

Haka nan dakatar da asusu na ɗan lokaci bai wadatar ba. Na faɗi wannan ne saboda da yawa daga cikinmu muna sa wata alama ce kawai a rumbun bayanai cewa wannan mutum ya daina aiki, sunansa da lambarsa da adireshinsa kuma suna nan zaune. Abin da ake nema shi ne a goge asusun tare da bayanan mutumin da ke rataye da shi, ban da abin da doka ta wajabta a adana.

Idan Nura ya bi gajeriyar hanyar aka sake mayar masa, zai koma wurin Alhaji karo na biyu da labari iri ɗaya, kuma a lokacin babu irin rubutun da zai gyara masa fuska.

Bashir:
Na karɓi gyara a kan WhatsApp ɗin. Amma har yanzu ina kan ra'ayina cewa saƙon kada ya yi tsawo. Waɗannan manyan 'yan kasuwa suna karanta saƙo ne tsakanin ciniki da ciniki, layi huɗu na farko kawai suke gani.

Nura:
Na gode ƙwarai. Malama, da Firebase nake yin rajistar, saboda haka goge mai amfani ba zai yi wahala ba, amma na lura goge shi daga sashen shiga ba ya taɓa bayanansa da ke rumbun oda, sai na rubuta wannan daban a ɓangaren sabar. Na ƙiyasta kwana biyu na rubutu da kwana ɗaya na gwaji.

Malama Hadiza:
Ƙiyasinka ya yi kusa da gaskiya. Ka sa ido a kan abu ɗaya lokacin gwajin: idan mutum ya daɗe da shiga, Firebase ba zai yarda a goge shi ba sai ya sake tabbatar da kansa, kuma kuskuren da zai dawo maka shi ne wannan:

```
auth/requires-recent-login
```

Kai da kake gwaji minti ɗaya bayan ka shiga ba za ka taɓa ganinsa ba, kwastoman da ya shiga tun watan jiya shi zai gani, ya danna madanni babu abin da ya faru. Maganinsa shi ne a sake tura masa lambar tabbatarwa kafin a goge, kuma Apple sun yarda da irin wannan mataki domin yana hana gogewa bisa kuskure. Ka kuma tsara abin ta yadda ba za a goge shi daga sashen shiga ba alhali bayanansa sun maƙale a rumbu babu mai su. Wannan duk naka ne, babu ko kalma ɗaya daga ciki da za ta shiga saƙon Alhaji.

Zainab:
Ni tawa matsalar daban ce, amma ina ganin tana gaban Yaya Nura. A wata manhajar makaranta da na yi aiki a kanta an mayar mana da zubi a ƙarƙashin `Guideline 2.1` saboda mai tantancewa ya kasa shiga. Mun sa shiga da lambar waya, lambar tabbatarwa kuma tana zuwa ne layin wayata a Kaduna, shi kuwa yana can wata ƙasa da tsakar darenmu. Sai da muka sa lambar gwaji a Firebase mai lambar tabbatarwa tsayayya da ba ta canzawa, muka rubuta su a `App Review Information`, sannan aka wuce. Abin da ya fi ba ni wahala a lokacin shi ne shugabar makarantar ta ɗauka an kama mu da wani laifi ne, har ta ce a cire sunan makarantar daga manhajar kafin a ɓata shi. Da na san zan fara da gaya mata cewa babu wanda yake ganin wannan saƙo sai mu, da ban sha wannan wahalar ba.

Tambayata ita ce, tun da yanzu abin da za su gwada shi ne goge asusu, idan suka goge asusun gwajin da ka ba su, da me za su shiga idan suna son sake duba wani abu?

Nura:
Wallahi ƙanwata wannan bai zo mini a rai ba. Na ba su lambar gwaji guda ɗaya, kuma a cikin asusun ne na zuba odojin misali domin su ga shafin tarihin saye.

Malama Hadiza:
Tambayar Zainab tana da kyau. Da lambar gwajin za su iya sake yin rajista, amma za su tarar da asusu fanko, shafin tarihin saye babu komai. Ka ba su lambobi biyu, ka rubuta a fili cewa ta farko ta duba manhaja ce, ta biyu ta gwada gogewa. Ka kuma ɗauki ɗan gajeren bidiyon fuskar waya a kan iPhone na gaske, daga shiga zuwa inda madannin yake, zuwa tabbatarwa, zuwa ƙarshe, ka haɗa da amsarka, domin sukan nemi wannan a irin wannan matsala. Kada ka manta kuma da ɗaga lambar gini, domin ba za a karɓi sabon fayil da lambar wanda aka riga aka ɗora ba.

Maganar da Zainab ta yi game da shugabar makaranta ita ma ta cancanci shiga saƙon. Mayar da zubi magana ce tsakanin mai manhaja da masu tantancewa, ba a rubuta ta a shafin manhajar, kwastoma ba ya gani, kuma babu tara. Mai shagon da ya gina sunansa shekara talatin a kasuwa zai so ya ji wannan.

Malam Lawal:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ba na rubuta manhaja, aikina shi ne zama tsakanin masu rubutawa da masu biyan kuɗi, kuma akwai kalma guda a saƙon Nura da ta tsaya mini, ita ce "asusu". A kunnen ɗan kasuwa asusu na banki ne. Ka rubuta masa "dokar goge asusu" da sassafe, kafin ya kai ƙarshen layin ya kira manajan bankinsa. Ka ce "rajista", domin ita ce kalmar da shi da kansa ya yi amfani da ita lokacin da ya nemi a ƙara wannan abu, idan ban yi kuskure ba. Lambar ƙa'idar ma ba ta da amfani a wurinsa, sai dai ka ajiye hoton saƙon Apple ka ce yana nan idan yana son a nuna wa wani.

Sannan akwai tambayar da zai yi ko ka so ko ba ka so, gara ka riga shi: nawa ne? A ganina tun da sharaɗin yana nan kafin a fara aikin, kuma kai ne masanin da aka ɗauka, wannan gyara yana wuyanka, kada ka nemi ko kobo.

Na ƙarshe, akwai shawarar da ba taka ba ce, tasa ce. Idan kwastoma ya goge rajistarsa, me za a yi da odojinsa na baya? Idan ɗan sari ne da ya ɗauki kaya bashi fa? Kada ka yanke wannan kai kaɗai a cikin ɗakinka.

Bashir:
Malam Lawal, a kan kuɗi ban yarda gaba ɗaya ba. Idan a takardar aiki an rubuta "rajista da shiga" kawai, aka yi farashi a kan haka, to kwana uku na ƙarin aiki ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke aiki shi kaɗai. Da Nura ya san da sharaɗin tun farko, ai da ya sa shi a cikin lissafi, Alhaji kuma da ya biya. To me ya sa rashin saninsa zai mayar da aikin kyauta? Yana iya yafe wani kaso, amma ya nuna cewa aiki ne.

Malam Lawal:
Abin da Alhaji ya saya shi ne manhajar da za ta fito a kasuwa da rajista a cikinta. Idan ka ba tela ɗinki ya manta da maɓalli, ba ya dawowa ya ce maɓalli ba ya cikin ciniki. Na yarda da kai cewa ya faɗi adadin kwanakin domin a san an yi aiki, amma neman kuɗi a cikin saƙon da kake sanar da jinkiri yana ɓata saƙon duka.

Bashir:
Kowa da yadda yake tafiyar da sana'arsa. Ni dai da zan jira ta fito, sannan in tayar da maganar.

Auwalu:
Na koma na karanta, na ga inda na kauce, ku gafarce ni. Amma ina da tambaya biyu. Kuskuren farashin da ke ɓacewa yana nan a zubin da mutane ke amfani da shi yanzu, ko ba haka ba? Na taɓa jin cewa Apple ba sa riƙe gyaran kuskure saboda saɓa wata ƙa'ida. Sannan me ya sa Google ba su ce komai ba?

Malama Hadiza:
Akwai wannan sassauci tun 2020: manhajar da ta riga ta shiga kasuwa ba a jinkirta mata gyaran kuskure saboda saɓa ƙa'ida, sai idan abin ya shafi doka ko lafiyar mutane, kuma kai ne za ka nema a cikin amsarka, ka yi alkawarin gyara matsalar a turawa ta gaba. Amma zubin Nura ba gyaran kuskure kaɗai ba ne, shi ne ma ya kawo rajistar da ta jawo matsalar, saboda haka ba zan dogara da wannan ba. Hanyar da ta fi tsabta, idan kuskuren farashin yana cutar da ciniki, ita ce ya koma tsohon zubin, ya sa gyaran farashin kaɗai ba tare da rajista ba, ya tura shi yau, rajistar ta biyo baya a mako mai zuwa. Kuɗin wannan shi ne rabin yini na ƙarin aiki da bin layin tantancewa sau biyu. Wannan ma zaɓi ne da za a iya ajiye wa Alhaji a gabansa, domin shi ya san ko kwastomomi suna ƙorafi.

Ɗaukaka ƙara kuwa na wanda yake ganin an yi masa kuskuren fahimta ne, misali madannin yana nan mai tantancewa bai gan shi ba, kuma ko a nan amsa musu a App Store Connect da nuna inda yake ta fi sauri. A nan madannin babu shi, babu abin da za a yi jayayya a kai. Neman tantancewar gaggawa ma ba zan taɓa shi yanzu ba, saura mako uku, gara a ajiye shi don ranar da manhaja ta rushe a hannun mutane.

Game da Google, su ma suna da irin wannan sharaɗi da suka sanar a 2023, har ma nasu ya ƙara da cewa dole a samar da mahaɗin intanet inda wanda ya riga ya cire manhajar daga wayarsa zai iya neman a goge masa, a kuma shigar da shi a fom ɗin `Data safety`. Nura, ka tura na Android ɗin ne?

Nura:
Ban tura ba, na so su fito rana ɗaya. Zan haɗa shafin intanet ɗin a cikin wannan aikin. Ga sabon saƙon, ku duba mini:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Da farko, manhajar shago tana nan tana aiki yadda ta saba, kwastomomi suna saukewa suna tura oda, babu abin da ya taɓa ta. Sabon zubin mai rajista ne ba zai fito wannan makon ba kamar yadda na yi maka alkawari, sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.

Dalili shi ne kamfanin Apple yana duba kowane sabon zubi kafin ya sake shi ga jama'a, kuma yana da sharaɗin cewa duk manhajar da ke yi wa mutane rajista dole ta ba su hanyar goge rajistarsu da kansu idan sun so. Namu ba shi da wannan, shi ya sa suka dawo mana da shi mu ƙara. Sharaɗin ya daɗe, ni ne ya kamata in sa shi tun farko, kuma ina ba da haƙuri. Ba tara ba ce, ba kuma wanda ya ga wannan sai mu, kuma ba za ka biya komai a kan gyaran ba.

Zan gama aikin ranar Asabar, in turo maka ka gwada a wayarka ranar Lahadi, in mayar musu ranar Litinin. Yawanci suna amsawa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan ba ya hannuna, kuma suna iya neman wani ƙarin gyara. Duk abin da suka ce zan sanar da kai a ranar. Ina ba da shawarar kada a sake ba 'yan sari wata rana sai mun ga amincewarsu.

Ina buƙatar hukuncinka a kan abu biyu, ranka ya daɗe. Na ɗaya, idan kwastoma ya goge rajistarsa, shawarata ita ce a cire sunansa da lambarsa da adireshinsa, a bar lissafin kayan da aka sayar da kuɗinsu domin littafin shago ya zauna daidai. Na biyu, gyaran farashin da ke ɓacewa yana cikin wannan zubin, idan yana damun kwastomomi zan iya fitar da shi shi kaɗai tun yanzu. Zan kira ka bayan la'asar mu yi magana."

Malam Lawal:
Wannan ya zauna. Abin da zan ƙara kawai shi ne kada ka tsaya ga rubutu. Ka karanta masa shi a saƙon murya, ko ka je shagon da kanka, rubutun ya zama abin komawa. Babban mutum irin wannan ba ya son ya ji labarin jinkiri daga fuskar waya kaɗai.

Bashir:
Ya ɗan yi mini tsawo, amma sakin layi na farko ya ɗauke komai, ko da nan ya tsaya ya san halin da ake ciki. A kan "ba za ka biya komai ba" kuwa ka riga ka ji ra'ayina.

Zainab:
Yaya Nura, ka ce ya gwada a wayarsa ranar Lahadi. iPhone gare shi? Idan haka ne sai an sa masa TestFlight, manhajar gwaji ta Apple, tukuna, kuma ka gargaɗe shi kada ya gwada gogewar da rajistar da yake son ya riƙe.

Nura:
Babban ɗansa ne ke da iPhone, kuma na riga na sa masa TestFlight tun bara, a wayarsa za a gwada. Na je shagon bayan la'asar kamar yadda Malam Lawal ya ce. Alhaji ya saurara, ya ce jinkirin mako ɗaya ba komai ba ne tun da ba a shiga azumi ba, kuma gyaran farashin ya jira su fito tare, domin mutane suna ganin farashin a jerin kaya ko da ya ɓace a babban hoto. Ya amince a bar lissafin ciniki a cire sunaye. Inda ya tsaya shi ne maganar bashi. Ya ce yana da 'yan sari da ke ɗaukar kaya su biya bayan Sallah, kuma ba zai yarda wanda shago ke bin sa kuɗi ya danna madanni sunansa ya ɓace ba. Yana son a hana mai bashi gogewa har sai ya biya.

Malama Hadiza:
Damuwarsa tana da hujja, amma ni ba zan toshe madannin ba. A ganina littafin bashi bai kamata ya rataya a kan rajistar manhaja ba tun asali. Bashin yarjejeniya ce tsakanin shago da ɗan sari, a ajiye ta a littafin shago da rasit ɗinta kamar yadda ake yi kafin a san wata manhaja, mutum ya goge rajistarsa idan ya so, a kuma rubuta masa a fili kafin ya tabbatar cewa gogewar ba ta shafe abin da ake bin sa, kuma shago zai riƙe bayanan wannan ciniki har a biya. Wannan magana ta shiga takardar tsare sirri ta manhajar ita ma.

Malam Lawal:
Ni kuma ina ganin Alhaji ba zai natsu da haka ba sai ya ga sunayen a rubuce a wani wuri da idonsa. Nura, ka tambaye shi mutum nawa ne, kuma a yanzu a ina ake rubuta bashin nasu, a littafi ne ko a manhajar.

Nura:
Na tambayi ɗansa yanzu, ya ce a littafi ne, amma Alhaji yana da niyyar mayar da shi cikin manhajar bayan Sallah. Zan gina gogewar yadda Malama ta ce domin mu tura ranar Litinin, maganar littafin bashin kuma gobe da safe zan koma shagon mu zauna a kanta.